Mun biya bashin mai kaya a Caina, kuɗin da suka fita sun fi na cikin littafi: ina bambancin ya tafi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni nake riƙe wa kawuna littafin kantinsa a nan Maradi. Mun sayo tayoyin babur 2,000 daga Caina a kan dalar Amurka 40,000. Ranar 10 ga Oktoba muka ba da kafin alƙalami dala 12,000, kowace dala a sefa 600. Faktir ta zo ranar 20 ga Nuwamba, na rubuta sauran dala 28,000 a 610, wato sefa 17,080,000. Da muka biya ranar 15 ga Fabrairu, banki ya cire 17,846,000, takardarsa ta nuna dala a 632. Alhaji ya ce ko dai banki ya cuce mu ko ni na yi kuskure. A ina zan rubuta wannan jika 766, kuma laifin wa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ba ka yi kuskure ba, banki ma bai saci ko dala ba, ina nufin dalarmu ta nan ta sefa biyar. Daga nan gaba kuma duk inda na ce dala, ta Amurka nake nufi, don kada lissafi ya rikice mana kamar yadda yake rikicewa a bakin kasuwa.

Tun ranar da faktir ta fito, abin da mutumin Caina yake bin Alhaji dala ce, ba sefa ba. Shi bai san sefa ba, bai kuma damu da ita ba. Adadin da ka rubuta a littafi fassara ce kawai ta bashin a farashin wannan rana. Bashin kansa bai ƙaru ba, bai ragu ba, dala 28,000 ne ranar farko, dala 28,000 ne ranar biya. Abin da ya sauya shi ne yawan sefar da za ka kai kafin a ba ka waɗannan daloli. Kamar mutum ne ya ranci buhun gero goma da kaka, ya zo biya da damina: buhu goma ɗin nan dai zai mayar, amma kuɗin da zai kashe ya sayo su ba na kaka ba ne.

Bari mu raba jika 766 ɗin gida biyu, domin ba abu ɗaya ba ne. Ka ninka 28,000 sau 632, za ka samu 17,696,000. Wannan ne kuɗin dalolin da kansu. Ka cire abin da ke littafi, saura 616,000. Ita ce asarar canji: ƙarin sefa 22 a kan kowace dala, sau 28,000. Abin da ya rage, 150,000, ba canji ba ne ko kaɗan, ladan banki ne: kuɗin aika kuɗi waje, kuɗin saƙon SWIFT da bankuna ke aika wa juna, da harajin da ke kansu. In ka duba takardar da banki ya ba ka da kyau, za ka gan su layi-layi a ƙasan babban adadin. Ina roƙonka kada ka haɗa waɗannan biyun wuri ɗaya, domin maganinsu daban. Ladan banki ana iya zama da manajan reshe a yi cinikinsa. Tashin dala kuwa babu wanda za ka yi ciniki da shi a Maradi.

To me ya tayar da dalar? Wannan ne Alhaji ya kamata ya fara ganewa, don da yawa daga manyanmu suna ɗauka banki ne ke yanka farashi yadda ya ga dama. Sefarmu a ɗaure take da yuro tun 1 ga Janairu 1999, yuro ɗaya sefa 655.957, kuma wannan adadi ba ya motsi. Dala kuwa ba a ɗaure take da kowa ba, kullum tana hawa da sauka a gaban yuro. Saboda haka farashin dala a sefa rabawa ce kawai, a raba 655.957 da adadin dalar da yuro ɗaya ke saye:

```
USD/XOF = 655.957 / (EUR/USD)
```

Idan yuro ɗaya yana sayen dala 1.075, dala ta kama kusan sefa 610. Idan yuro ya ɗan yi rauni ya koma 1.045, dala ta kai kusan 628. Ka ga ɗan motsin da aka yi can tsakanin Turai da Amurka, wanda ko a labarai ba lallai a ambace shi ba, ya zama sefa 18 a kan kowace dalar da ake bin kawunka. Kuma wannan ƙaramin motsi ne. A farkon 2021 dala tana wajen sefa 540. A Satumba 2022, lokacin da yuro ya faɗi ƙasa da dala ɗaya, ta haura 680. Wanda ya kwana da bashin dala a wancan tsakanin ya ji a jikinsa, alhali ba a karya darajar sefa ba kamar yadda aka yi a Janairu 1994.

Akwai dai wani ɓangare na 632 ɗin da yake na banki ne, kuma adalci ne a faɗa wa Alhaji shi. Banki ba ya sayar maka da dala a farashin tsakiya da ake gani a shafin babban bankinmu BCEAO, sai ya ɗora ribarsa. Ka nemo farashin wannan rana ka kwatanta. Mu ce ka tarar da 628. Kenan banki ya ɗora sefa 4 a kan kowace dala, jimla 112,000, sauran 504,000 kuma motsin kasuwa ne. A littafi duka biyun asarar canji suke, ba a raba su, don farashin da ka biya da gaske shi ake rubutawa. Amma a wajen ciniki da banki sanin wannan adadi yana da amfani. Mai aika dala dubu arba'in a kai a kai yana da bakin da zai ce a rage masa, musamman in ya nuna ya tambayi wani bankin kafin ya zo.

Yanzu ga rubutun. Tsarin lissafin da muke bi a Nijar shi ne SYSCOHADA, wanda aka sabunta ya fara aiki 1 ga Janairu 2018, kuma lambobin da zan ambata nasa ne.

Kafin alƙalamin da kuka biya, 12,000 sau 600, ya kama 7,200,000. Yana shiga debi a lamba 4091, ta kuɗin da aka ba mai kaya tun kafin kaya su zo, kiredi kuma a 521, banki. Wannan kuɗi ya riga ya fita, an sayi dalolinsa an gama, don haka farashinsa ya daskare a 600. Ko dala ta kai dubu gobe, babu ruwan wannan kason. Da faktir ta zo, sai a rubuta sayen kaya a 601. Yadda nake yi, kuma shi nake koya wa yarana a ofis, kason da aka riga aka biya yana shiga da farashin da aka biya shi, kason da ya rage kuma da farashin ranar faktir. Wato 7,200,000 da 17,080,000, jimla 24,280,000. A rufe 4091, a bar 17,080,000 a lamba 401 a matsayin bashin mai kaya. Ka lura na ce faktir, ban ce takardar tayin farashi da suke fara aikowa ba. Waccan ba ta haifar da bashi, ba a rubuta ta a littafi.

Daga wannan rana kuɗin sayen tayoyin ya zauna: 24,280,000 a raba wa taya 2,000, kowace ta kama sefa 12,140 kafin kuɗin jirgi, da na mota daga tashar ruwa, da na duwan. Ba a komawa a taɓa wannan adadi don dala ta motsa daga baya. Nan ne mafi yawan masu riƙe littafi suke zamewa. Sai su ga banki ya cire fiye da abin da suka rubuta, sai su koma 601 su ƙara bambancin a can don lissafi ya daidaita. Lissafi zai daidaita a ido, amma ka ɓata abu biyu. Ka ɗora wa kayan da suka rage a sito tsadar da ba tasu ba, ka kuma ɓoye wa mai dukiya cewa jinkirin biya ne ya ci kuɗinsa, ba tsadar taya ba. Shekara ta zagayo ya sake yin irin jinkirin, don babu wani layi a littafi da ya nuna masa abin da ya faru.

Haka nan kada ka ɗauko farashin dala da ke kan takardar duwan ka sa a littafinka. Duwan tana da farashin da take juya darajar kaya da shi don ta lissafa haƙƙinta. Abin da ka biya ta sefa ne, ka rubuta shi yadda yake, amma farashinta bai shafi bashin da ke tsakaninku da mutumin Caina ba.

Ga wani abu da ba ka tambaya ba, amma shi ya fi ɗaukar hankalina a cikin kwanakin da ka lissafa. Tsakanin faktir da biya akwai 31 ga Disamba, ranar rufe lissafin shekara. A wannan rana doka ta ce duk bashin da ke cikin kuɗin waje a sake auna shi da farashin ranar. Mu ɗauka dala tana 625 a ranar. Bashin ya zama 17,500,000, ya ɗara na littafi da 420,000. Ba a biya ba tukuna, saboda haka asarar ba ta tabbata ba, amma tana tsaye a bakin ƙofa. Ana yin rubutu biyu. Na farko yana gyara adadin bashin: debi 478, kiredi 401, 420,000. Lamba 478 wurin ajiya ne kawai a cikin bilan, wato takardar dukiya da bashi ta ƙarshen shekara, ba ta taɓa riba. Na biyu shi ne tanadin asarar: debi 6591, kiredi 4991, 420,000. Wannan na biyun shi ke rage ribar shekarar da ta ƙare.

Dalilin wannan wahala a bayyane yake in ka tuna amfanin da ake yi da bilan. Da shi ake zuwa banki neman lamuni, da shi abokan tarayya suke raba riba. In aka bar bashin a 17,080,000 alhali a ranar sai an kai 17,500,000 kafin a sauke shi, an nuna wa mutane dukiyar da babu ita. Kuma tashin da dala ta yi daga 610 zuwa 625 a cikin waccan shekarar ya faru, don haka ita ya kamata ta ɗauki nauyinsa.

Da sabuwar shekara ta shiga, sai a warware rubutu na farko, debi 401, kiredi 478, bashin ya koma 17,080,000 kamar da. Ranar biya kuma a rubuta abin da ya faru da gaske: debi 401 da 17,080,000, debi 656 da 616,000, debi 631 da 150,000, kiredi 521 da 17,846,000. Lamba 656 ita ce ta asarar canji a kan bashin kasuwanci, 631 kuma ta ladan banki. In banki ya cire harajin da ake iya dawo da shi, wannan yana da nasa gurbin, amma bari mu bar shi don kada zaren ya tsinke. Sai abu na ƙarshe, wanda ake yawan mantawa: a saki tanadin da aka yi, debi 4991, kiredi 7591, 420,000. In ka haɗa, sabuwar shekara ta ɗauki 616,000 an mayar mata da 420,000, nauyin da ya rage a kanta 196,000 ne, wato sefa 7 na tsakanin 625 da 632. Kowace shekara ta ɗauki nata. In ka manta sakin tanadin, ka lissafa asara ɗaya sau biyu, kuma 4991 za ta zauna da adadin da babu wanda zai iya cewa na mene ne bayan shekara uku.

In ba ku kammala bilan ɗin bara ba tukuna, ka shigar da rubutun nan biyu da kwanan 31 ga Disamba, da farashin wannan rana, ba da 632 ba, ko da yake yanzu ka san inda abin ya ƙare. In kuwa an riga an rufe an miƙa, to duka 616,000 ta faɗa a wannan shekarar, ka kiyaye gaba.

Tsofaffin kwantabul za su iya ce maka a 676 ake sa asarar canji. Kafin 2018 haka ake yi. Yanzu an raba: bashin saye da sayarwa yana zuwa 656 da 756, abin da ya shafi rance ko kuɗin waje da ke ajiye kuma 676 da 776. Rabon yana da ma'ana, don asarar da ta fito daga bashin taya ɓangare ce ta kasuwancin tayar.

Da dala sauka ta yi fa? Nan doka ba ta auna da mudu ɗaya, kuma ni ina ganin daidai ta yi. A ce ranar 31 ga Disamba dala ta dawo 600. Bashin ya zama 16,800,000, ya ragu da 280,000. Za ka rubuta debi 401, kiredi 479, ka tsaya nan. Ba a kai wannan adadi cikin riba, domin ba a biya ba, kuma dala tana iya juyawa kafin ranar biya. Sai ranar da kuɗi suka fita da gaske, a ce a 598, sannan sefa 12 sau 28,000, wato 336,000, ta shiga 756 a matsayin ribar canji. Asarar da ake hange ana yi mata tanadi tun yau, ribar da ake hange ana jira sai ta shigo hannu. Na taɓa zama da wasu ƴan'uwa biyu masu tarayya a kanti ɗaya, waɗanda suka ga dala ta sauka a ƙarshen shekara, suka lissafa ragin a cikin ribar da za su raba, kowa ya ɗauki nasa. Kafin lokacin biya dala ta koma sama ta wuce inda take. Sai da ɗayansu ya sayar da fili a bayan gari kafin aka cika kuɗin mai kaya, kuma zumuncinsu bai koma yadda yake ba sai bayan shekaru. Tun daga nan ba na wasa da lamba 479.

Hanyar da za ka riƙa gane matsala da wuri kuwa mai sauƙi ce. Duk mai kayan da kuke hulɗa da shi a kuɗin waje, ka buɗe masa shafi mai layi biyu, ɗaya na dala, ɗaya na sefa, kowane motsi ka rubuta duka biyun tare da farashin ranar. Bayan biya ka dubi ƙasan shafin. In layin dala ya koma sifili amma na sefa bai koma ba, abin da ya rage bambancin canji ne da ba a kai gurbinsa ba, ka kai shi 656 ko 756. In kuwa layin dala ne bai koma sifili ba, to wannan bashi ne na gaske, wani yana bin wani.

Wannan na biyun yana faruwa fiye da yadda kake zato, kuma sau da yawa daga takardar aika kuɗi yake fitowa. A fom ɗin banki akwai wurin da ake zaɓar wanda zai ɗauki kuɗin hanya: OUR, SHA ko BEN. In an zaɓi OUR, mai aikawa ya ɗauki duka, in BEN ce kuma mai karɓa. In SHA ce, kai ka biya bankinka, bankunan da kuɗin suka ratsa a hanya kuma su yanki nasu daga cikin dalolin. Sai ka aika 28,000, mutumin ya ce 27,965 ya gani, ya riƙe takardar fitar da kaya a kan dala 35, kontena tana zaune a Lome ana lissafa muku kuɗin kwana. Waɗannan dala 35 ba asarar canji ba ce, ladan banki ce. Ka duba abin da aka zaɓa a takardarku, ka kuma nemi mutumin ya rubuto muku adadin da ya shiga hannunsa.

Yanzu mu koma gun Alhaji, don shi ba lamba 656 ce ta dame shi ba, kuɗinsa ne. Ka nuna masa abin a kan taya guda. Jika 766 a raba wa taya 2,000, kowace ta ɗauki sefa 383. In ribar da ya sa rai a kan kowace taya jika ɗaya ce, fiye da kashi ɗaya cikin uku ya tafi, kuma ya tafi bayan an riga an sayar da yawancin kayan a farashin da aka yanka da lissafin 610. Wannan ne ciwon: farashin sayarwa an yanke shi a Disamba, kuɗin saye na gaskiya bai bayyana ba sai Fabrairu. Wata uku na jinkirin biya da mai kaya ya ba ku alheri ne, amma ba kyauta ba ne, kun ɗauki haɗarin dala na wata uku a madadinsa.

Abin da na fi ba mutane shawara, kuma wanda ba ya buƙatar izinin kowa, shi ne a raba farashin littafi da farashin yanke ciniki. A littafi 610 ne, doka ce. Amma ranar da Alhaji zai zauna ya yanke nawa za a sayar da taya ga masu sari na Tasawa ko Dakoro, muddin akwai sauran bashin dala, ya lissafa wannan kason da farashin da ya ɗan ɗara na ranar, kamar kashi uku ko huɗu cikin ɗari. A naku lissafin, kashi huɗu a kan 610 ya kai 634, da ya rufe ramin canjin. In dala ba ta tashi ba, ƙarin ya zama riba. Iyakar wannan dabara ita ce kasuwa: in maƙwabcinku ya biya nasa kayan lakadan yana sayarwa ƙasa da ku, ba kullum za ku iya ɗora ƙarin ba.

Na biyu, in kuɗin suna nan a ajiye, a biya da wuri. Na sha ganin ɗan kasuwa da sefa kwance a banki tun Disamba, yana jiran ranar ƙarshe ta wa'adi don kawai an ba shi wa'adin, ko yana jiran dala ta sauka. Jiran nan caca ce da kuɗin taya, kuma babu wanda ya san inda dala za ta nufa, har da mu masu lissafi. Amma a bambanta biya da wuri bayan an loda kaya da ƙara kafin alƙalami tun kaya ba su fito daga masana'anta ba. Na biyun yana rage haɗarin canji, yana ƙara haɗarin mutumin da ba ka taɓa ganin idonsa ba.

Na uku, a tambayi mai kaya ko zai yi faktir da yuro. In ya yarda, haɗarin canji ya fita daga kanku gaba ɗaya, saura ladan banki. Sai dai shi ma ba yaro ba ne, zai iya ɗora nasa tanadin a cikin farashin yuron. Ku karɓi tayi biyu a rana ɗaya, na dala da na yuro, ku juya su sefa ku gani. In bambancin bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba, ni na yuro zan ɗauka.

Akwai kuma sayen dala na wa'adi, inda banki zai yi maka alkawarin farashi tun yau na dalar da za ka karɓa bayan wata uku. Dokar canji ta ƙasashen UEMOA ta yarda da shi ga mai shigo da kaya da takardunsa suka cika. Yana ɗaure ka, ko dala ta sauka sai ka saya a farashin da kuka yi. Kuma na san irin su Alhaji za su so su ji ta bakin malamai tukuna, tunda a fiƙihu canjin kuɗi da kuɗi sharaɗinsa hannu da hannu ne. Wannan tambaya ce ta gaskiya, a kai ta inda ta dace kafin a sa hannu. Ajiye dala a asusun banki a nan gida kuwa ba abu ne da mutum ke buɗewa haka kawai ba, sai da izinin hukuma.

Tunda a Maradi muke, ba zan rufe ba ban taɓo naira ba, don na tabbata kuna sayen wasu kayan a Kano ta hanyar Dan Isa da Jibiya. Ƙa'idar ɗaya ce, amma ana faɗin farashin a juye, kuma nan yara ke ruɗewa. Ɗan canji ba ya ce maka naira ɗaya sefa kaza, cewa yake jika ɗaya naira kaza. Saboda haka rabawa ake yi, ba ninkawa ba. A ce ana bin ku naira miliyan 10 lokacin da jika take naira 1,250: bashin sefa 8,000,000 ne. In ranar biya jika ta koma naira 1,600, sefa 6,250,000 za ku fitar, ribar canji 1,750,000. A nan in adadin ya hau, ku ne da riba, saɓanin dala. Bayan Yuni 2023, da Najeriya ta saki farashin naira ta faɗi, masu irin wannan bashi da yawa sun ga haka. Amma kafin a yi murna a leƙa sito. In naira ta faɗi, wanda ya je Kano bayanku zai iya shigo da irin kayanku da araha, ya tilasta muku rage farashi, ribar canjin ta zube a can.

Matsalar hanyar ƴan canji ita ce shaida. Banki yana ba ka takarda mai kwanan wata da farashi, ɗan canji kuwa sau da yawa magana ce ta waya da amana. Amanar tana nan, amma mai binciken haraji ba ya karanta ta. Duk ranar da aka yi irin wannan biya, ka rubuta kwanan wata, sefar da ta fita, farashin da aka yi, da adadin da mai kaya ya ce ya karɓa, ka sa wanda ya kai kuɗin ya sa hannu, ka ajiye saƙon mai kayan. Oda mai girman taku ta Caina kuwa, ku ci gaba da bi ta banki kamar yadda kuka yi, da fayil ɗin shigo da kaya a buɗe a can, don lambobin faktir, na duwan da na biya su riƙa gaskata juna.

Ranar da za ka zauna da kawunka, kada ka fara da lambobin asusu. Ka ɗauki takardar banki, da faktir, da farar takarda guda. Ka rubuta masa layi uku: 504,000 tashin dala, 112,000 ribar banki a kan canji, 150,000 ladan aikawa, bayan ka gyara na farko da na biyu da ainihin farashin ranar da ka samo. Layi biyu na ƙasa ku tafi da su wurin manajan banki kafin oda ta gaba. Na sama kuma ku tattauna shi da mutumin Caina, a kan yuro ko a kan ranar biya. Ka gaishe min da Alhaji.